Shayi da ganyen gwaiba a lokacin gudawa: amsoshin likita

Tambaya: Likita, idan cikina ya lalace na sha baƙin shayi mai kauri, sai gudawar ta lafa. Me ke cikinsa?

Amsa: Malam, ka san baurin nan da ke kama maka baki idan shayi ya jiƙu sosai, har harshe ya yi kaushi? Aikin wani sinadari ne mai suna tanin. Halinsa shi ne duk inda ya tarar da furotin sai ya maƙale masa ya dunƙule shi. A baki, furotin ɗin yawu yake kamawa, santsin yawun ya tafi. Da irin wannan sinadarin ake jeme fata ta yi ƙwari.

A hanji ma haka yake yi. Bangon hanji lulluɓe yake da majina mai furotin, kuma a lokacin gudawa bangon kan fusata ya riƙa tsiyayo ruwa. Tanin yana haɗuwa da furotin ɗin saman ya yi wani siririn rufi, sai tsiyayar ta ragu, bayan gida ya ɗan yi kauri. Ka bar ganyen a ruwan zafi kamar minti 10, domin a minti 2 tanin bai gama fitowa ba. Kofi biyu ko uku a yini sun isa, saboda sinadarin kafeyin da ke cikin shayi shi kansa yana motsa hanji.

Tambaya: Ni da madara nake sha, ban ga wani amfani ba.

Amsa: Madara cike take da furotin, Malama. Tun a cikin kofi tanin ɗin ya kama shi, kaɗan ne zai isa hanji da sauran ƙarfinsa. Ki sha shi baƙi, kuma ki ba da tazarar awa 2 tsakaninsa da maganin ƙarin jini, domin tanin yana riƙe sinadarin ƙarfe ma.

Tambaya: Ɗana ɗan shekara 2 yana gudawa tun jiya. In dafa masa ganyen gwaiba?

Amsa: 'Yar'uwa, ganyen gwaiba yana da tanin, yana kuma da wani sinadari, kwasetin, mai sassauta murɗawar hanji. Babba mai gudawa marar tsanani zai iya samun sauƙi da shi. Amma abin da nake tsoro ga yaro shi ne bushewar jiki, kuma tanin ba ya mayar da ruwan da ya zube. Ki narka ƙunshi ɗaya na ORS a lita 1 ta ruwa mai tsabta, ki riƙa ba shi cokali-cokali, da rabin kofi zuwa kofi bayan kowace fita. Ki haɗa da zinki, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, kada kuma ki hana shi abinci.

Idan kika ga jini a kashinsa, ko zazzaɓi, ko idanunsa sun faɗa, ko ya ƙi sha, ko fitsari ya ɗauke, don Allah ki kai shi asibiti nan take.