Takardar ajiye aiki ga injiniyan da zai koma makaranta

Ranka ya daɗe, na samu gurbin digiri na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, za a fara a watan Oktoba. Shekarata uku a kamfanin da nake, muna tsakiyar aikin hanya, kwalbatoci uku suna hannuna. Yaya zan rubuta takardar ajiye aiki ba tare da na ɓata da maigidana ba?

Ɗana, Allah ya sanya alheri. Kafin ka ɗauki biro, je ka nemo takardar da aka ba ka ranar da aka ɗauke ka aiki, ka karanta inda ta yi maganar notis. Yara da yawa suna kafa hujja da sashe na 11 na dokar ƙwadago ta Najeriya, wanda ya ce mai shekara biyu zuwa ƙasa da biyar notis ɗin mako biyu zai bayar, mai shekara biyar ko fiye kuma wata guda. Sai dai dokar ta cire masu aikin ƙwarewa irin namu daga cikin waɗanda take kira ma'aikata, saboda haka abin da ya ɗaure ka shi ne abin da ka sa wa hannu. A kamfanonin kwangila yawanci wata guda ne, manyan injiniyoyi kuma akan rubuta musu wata uku. In ba ka cika kwanakin ba, za a cire kuɗinsu daga haƙƙinka. Ka duba kuma ko kamfani ya taɓa biya maka wani kwas da sharaɗin za ka zauna wasu shekaru, domin wannan bashi ne, gara ka san da shi tun yanzu.

Kada takarda ta riga bakinka isa wurin maigidanka. Ka same shi shi kaɗai, ba a gaban leburori ba, ka faɗa masa ka samu karatu, ka nuna masa takardar jami'a. A nan ne za ka tambaya ko akwai hutun karatu ba albashi. 'Yan kwangila ba su cika bayarwa ba, tunda aikinsu yana tafiya ne da kwangilar da ke hannu, amma tambayar tana nuna masa ba gudunsa kake yi ba. Washegari sai ka kai takarda.

Ita takardar da Turanci za ka rubuta ta, kuma kada ta wuce rabin shafi. Ka sa kwanan wata, ka aika ta ga shugaban kamfani ta hannun manajan aikinku. Mu ɗauka notis ɗinka wata guda ne, ka miƙa ta ranar 1 ga Satumba. Ga abin da za ta ce: "Ina sanar da ku cewa zan ajiye aikina na injiniyan fili. Bisa sharaɗin notis na wata guda da ke cikin takardar ɗaukata aiki, ranar aikina ta ƙarshe ita ce 30 ga Satumba. Dalilina shi ne na samu gurbin karatun digiri na biyu. Zan miƙa duk aikin da ke hannuna a rubuce ga wanda kuka zaɓa kafin wannan rana. Ina roƙon a ba ni takardar shaidar aiki, a kuma lissafa mini haƙƙoƙina. Na gode da abin da na koya a wurinku."

Iyakarta ke nan. Wasu kamfanoni suna fara ƙirga daga washegarin ranar da aka karɓa, to ka tambayi ofishin ma'aikata yadda suke lissafi, kada kwana ɗaya ya jawo maka gardama. Kada ka rubuta "nan ba da jimawa ba" ko "ƙarshen wata". Rana za ka rubuta da lamba. In akwai alawus ɗin da aka riƙe maka, ko wani ya taka ka a wurin aiki, ba wannan takardar ce wurinsa ba, domin ita za ta zauna a fayil ɗinka shekara da shekaru, kuma wanda zai buɗe fayil ɗin gobe bai san abin da ya faru ba. Ka buga kwafi biyu, a buga wa naka hatimi da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa. Saƙon waya ba ya maye gurbin wannan.

Yanzu ga inda ake ɓatawa da maigida, kuma ba a takarda ba ne, a kwalbatocin nan naka ne. A ce ka zuba kankaren dekin kwalbati na biyu, wato rufinsa na sama, ranar 20 ga Satumba. Samfurin kankaren da ka ɗiba, waɗanda ke jiƙe a cikin ruwa, za a murƙushe na kwana 7 a na'ura don gwada ƙarfinsa ranar 27 kana nan, amma na kwana 28 sai 18 ga Oktoba, lokacin kana Samaru. In ba ka rubuta lambar kowane samfuri da ranar zuba shi da ɓangaren da ya fito ba, wanda ya gaje ka zai tarar da duwatsu a cikin tanki bai san na ina ba ne. Injiniyan da ke sa ido a madadin mai aiki ba zai amince da dekin ba sai ya ga sakamako, in babu kuma sai a koma huda kankare ana ciro samfuri, kuɗin kamfani ya maƙale. Sunanka za a riƙa kira a wannan taron.

Saboda haka ka zauna ka rubuta takardar miƙa aiki, kwalbati bayan kwalbati: wanne aka gama, wanne aka ɗaura wa rodi ana jiran a duba, yaushe ya kamata a cire katakon da ke tallafe da dekin. Ka kama hannun magajinka ku taka fili tare, ka nuna masa kowace alamar awo da kuke ɗaukar tsayi daga gare ta, har da wadda tifa ta ture kuka sake kafawa. Abin da ya fi tsada shi ne umarnin baki. In mai sa ido ya ce maka a ƙara faɗin bango ko a zurfafa tushe, ka yi, ba a rubuta ba, to ka bi shi ya sa hannu kafin ka tafi, domin bayanka babu mai shaida, kuma kamfani ba zai iya neman kuɗin ƙarin aikin ba. Littafin aikin yau da kullum, takardun awo, zanen da aka gyara, na'urar awo, makullan mota, duk ka jera su a takarda, ku biyu ku sa hannu. Zane da sakamakon gwaji kuwa dukiyar kamfani ce da mai aiki. In kana son amfani da su a bincikenka na makaranta, ka nemi izini a rubuce.

Takardar shaidar aiki kada ka bari sai ka tafi. Shekara uku gare ka, COREN kuma, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, tana neman shekara huɗu ta gogewa bayan digiri kafin ta yi maka rajista, kuma za a tambaye ka ayyukan da ka yi da hannunka. Takardar da ta ce kawai ka yi aiki daga shekara kaza zuwa kaza ba za ta amfane ka sosai ba. Ka roƙa a ambaci sunan aikin, tsawon hanyar, girman kwalbatocin da rawar da ka taka, injiniya mai rajista wanda ka yi aiki a ƙarƙashinsa ya sa hannu. Kamfanin kwangila yana iya watsewa da zarar aiki ya ƙare, manajan da ya san ka ya koma wata jiha, ka rasa mai rubuta maka layi ɗaya.

Asusun fanshonka naka ne, ba ya mutuwa don ka bar aiki. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire aƙalla kashi 8 daga albashinka, kamfani ya ɗora kashi 10. Ka nemi bayanin asusun a makon farko na notis, ka duba ko kowane wata ya shiga. In akwai giɓi, ka kai wa akanta a rubuce tun kana shiga ofishin kullum.