Imel ɗin Faransanci: kar ki bi kalma da kalma

Tambaya: "Yaya, na juya imel ɗina daga Hausa zuwa Faransanci, ba kuskuren nahawu ko ɗaya, amma an ce min bai yi kama da Faransanci ba. Ina matsalar take?"

Wa'alaikumus salam ƙanwata. To, na karanta abin da kika tura. Kin fara da "bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya", sai kika mai da shi "Après beaucoup de salutations". A wurinmu wannan ladabi ne, amma Bafaranshe in ya gani zai tsaya yana jiran gaisuwar da aka ce an yi. Su gaisuwar imel layi ɗaya ce: "Bonjour Monsieur," ko "Bonjour Madame,". In ba ki san wanda zai buɗe saƙon ba, ki sa "Madame, Monsieur,". Kuma don Allah a bar juya "Dear Sir" na Turanci zuwa "Cher Monsieur", wannan sai wanda kuka riga kuka saba.

Inda ya fi damuna shi ne tsakiyar. Kin ce "ina so ka turo min rasit", kika rubuta "Je veux que vous m'envoyiez le reçu". Nahawu daidai, wallahi, amma a kunnensu umarni ne, kamar kina aiken yaro. Kin gane? Mu ladabinmu muna zuba shi a gaisuwa da addu'a, shi ya sa "ina so" ba ya yi mana nauyi. Su kuwa a cikin fi'ilin kansa suke ɓoye ladabin. In kin cire doguwar gaisuwar, dole ladabin ya koma can. Sai ki mai da buƙatar tambaya: "Pourriez-vous m'envoyer le reçu de paiement ?" Wannan "pourriez" ɗin, wato "ko za ku iya", shi ya ɗauke nauyin duk gaisuwar da kika bari. Kuma "vous" za ki riƙe har ƙarshe, kamar yadda muke ce wa babba "ku". Na ga "tu" ya kuɓuce miki a layi na uku, ki gyara.

Ni yadda nake yi, nakan rufe na Hausar gaba ɗaya, in tambayi kaina: wa nake rubuta wa, me nake nema? Naki zai fito haka:

```
Bonjour Monsieur,
Je me permets de vous écrire au sujet de mon inscription.
Pourriez-vous m'envoyer le reçu de paiement ?
Je vous remercie par avance.
Cordialement,
```

"Allah ya saka da alheri" shi ne ya zama layin godiyar nan. Addu'ar ki yi masa ita a zuciyarki. Gyara ki sake turo min kafin ki aika.