Numfashin karakta a tsaye: yadda ake jinkirta kafaɗa, hannu da kai

«Salamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa ɗan gem a Blender, na yi wa karaktana numfashi na lokacin da yake tsaye ba ya komai. Rigify na yi amfani da shi, firem 24 a daƙiƙa. Amma ƙirji da hannuwa da kai duk tare suke hawa, tare suke sauka, ko kaɗan bai yi kama da mai rai ba. Da na rage motsin kuma sai ya sandare. Me zan gyara? Daga Samaru nake.»

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Sannu da ƙoƙari. Nan Tudun Wada nake, kuma na daɗe ina wannan aiki, don haka bari in ba ka yadda nake yi, da lambobinsa, ka gwada a kan naka.

Kafin a zo maganar jinkiri, duba tsawon numfashin kansa, domin sau da yawa a nan ake fara ɓata shi. Babban mutum da ke hutawa yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Ɗauki 15, wato daƙiƙa 4 kowane numfashi, firem 96 ke nan a lissafinka. Shaƙa ta fi fitarwa sauri, kuma bayan fitarwa akwai ɗan dakatawa. Saboda haka a kan ƙashin `chest` ina sa kifirem a firem 1 ƙirji a sake, a 37 ƙirji a cike, a 85 ya kusa komawa, a 97 kuma kwafin na 1 daidai. Firem 36 na shaƙa, 48 na fitarwa, 12 na hutu. A 85 ɗin nan kada ka mayar da shi sifili, bar masa ɗan saura kamar kashi 5 cikin 100, yadda zai ci gaba da sulalewa a hankali har 97. Idan ya tsaya cak na rabin daƙiƙa, ido zai ɗauka na'ura ce ta maƙale. Sannan ka sa `End` a 96, ba 97 ba, don kada hoto ɗaya ya fito sau biyu a mahaɗa.

Girman motsin ƙarami ne ƙwarai. Ƙirji ya juya baya digiri 2, kafaɗa ta ɗaga kamar santimita 1 ga mutum mai tsawon santimita 175. Za ka ga kamar bai isa ba. Ka bar shi tukuna, domin abin da ya sa ya sandare da ka rage shi ba ƙanƙantar motsin ba ce, haɗuwar lokacin ce. Idan komai ya kai ƙololuwa a firem 37, to komai zai tsaya a firem 37, jiki duka ya mutu na ɗan lokaci, sau biyu a kowane zagaye. Idan ka rarraba lokacin, duk sanda wata gaɓa ta tsaya akwai wata da ba ta gama tafiya ba, sai ɗan motsi kaɗan ya wadatar.

Ka samu lokaci ka zauna wurin mai shayi ka kalli wanda ya tsaya yana jiran a haɗa masa. Ciki ne ke fara tasowa, sannan haƙarƙari, sannan kafaɗa ta ɗan ɗaga. Hannu ba ya numfashi, rataye yake, kafaɗa ce ke jansa, shi ya sa yake zuwa a makare. Kai kuwa aikinsa dabam ne: mutum yana son idonsa ya zauna a kan abin da yake kallo, don haka in ƙirji ya koma baya, wuya da kai sukan ɗan sunkuyo su rama. Wannan jerin shi za ka kwaikwaya.

Ga yadda ake yi. Da farko sa wa duk gaɓoɓin kifirem a wuri ɗaya, 1 da 37 da 85 da 97, kamar yadda ka riga ka yi. Sai ka shiga `Graph Editor`, ka zaɓi duk layukan, ka danna `Shift+E` ka ɗauki `Make Cyclic (F-Modifier)`. Wannan ne zai sa kowane layi ya maimaita kansa gaba da baya. Sai bayan haka za ka fara turawa. Zaɓi `shoulder.L`, zaɓi dukkan kifirem ɗinsa, ka buga `G` `X` `4` sannan `Enter`. Yanzu nasa sun koma 5 da 41 da 89 da 101, tsawon zagayen bai canza ba, 96 ne, kuma maimaitawar ta cike firem 1 zuwa 4 da wutsiyar numfashin baya.

Na ce dukkan kifirem, kuma a nan nake so ka fi lura, don shi ne abin da na fi gani a fayilolin da ake turo mini. Mutum zai tura na tsakiya kawai, ya bar na 1 da na 97 a inda suke saboda tsoron kada zagayen ya karye. Sakamakon shi ne shaƙar ta yi kyau, amma duk gaɓoɓin su sake haɗuwa a firem 1, jiki ya yi wani ɗan "tsak" duk daƙiƙa huɗu. Mai kallo ba zai iya faɗa maka abin da ya gani ba, amma zai gane inda aka ɗinke. Wani abu kuma: yawancin ƙasusuwan Rigify juyinsu na `Quaternion` ne, layuka huɗu W da X da Y da Z. Tura su tare. In ka tura uku ka manta ɗaya, gaɓar za ta riƙa karkacewa ta inda ba ka sa ta ba. Idan layukan sun yi lebur har ba ka ganin tudunsu, kunna `Normalize` a saman tagar.

Lambobin da nake farawa da su ke nan, duk ana ƙirgawa daga ƙirji. In kana da ƙashin ciki ko `hips` da ka ba ɗan motsi, ja shi baya da firem 3, ya riga ƙirji. Kafaɗa ta makara da 4, damtse `upper_arm_fk` da 7, `forearm_fk` da 10, tafin hannu da 13. Kusan firem 3 tsakanin kowace gaɓa da mai bi mata. Kuma motsin kowacce ƙarami ne: damtse ya buɗe daga jiki digiri 1, gwiwar hannu ta lanƙwashe digiri 1, tafin hannu rabin haka. Dalili shi ne hannu ya riga ya gaji motsin ƙirji da na kafaɗa, tunda a jikinsu yake. Abin da kake jinkirtawa ɗan ƙarin da ke kansa ne kawai. Hagu da dama kada su zo daidai: ƙara wa hannun dama firem 2, ka rage girman nasa kaɗan, ko kuma ka fi rage na hannun da ke riƙe da wani abu. Idan hannuwan suna kan IK, ka mayar da su FK, in ba haka ba tafin hannu zai kafe a iska, gwiwar hannu ta riƙa buɗewa da rufewa. IK ɗin yana da amfani ne idan ya dafa tebur ko ya riƙe ƙugu.

Kai shi ne ya fi cin lokaci, kuma shi ne mai kallo ke zuba wa ido. Wuya ya makara da 6, kai da 10, kuma juyinsa kishiyar na ƙirji ne: ƙirji ya koma baya digiri 2, kai ya sunkuyo kamar digiri 1 da rabi. Saboda makarar, a farkon shaƙa haɓa za ta ɗan ɗaga tare da ƙirji, sannan ta dawo ta daidaita, a farkon fitarwa kuma ta ɗan faɗi kafin ta gyara. Wannan ɗan kai-komon shi ne ran abin. Amma fara duba `Head Follow` da `Neck Follow` a gefen taga. In suna kan sifili, kai ba ya bin juyin ƙirji tun asali, ramawar da ka yi za ta zama gyaɗa kai kamar yana amsa magana. A wannan hali rabin digiri ya isa.

Jinkiri yana da iyaka. A zagaye mai firem 96, da ka doshi 24, wato rubu'i, hannu zai fara yawo kamar mutum na cikin ruwa. In ka kai 48 kuwa ya zama kishiya, ƙirji na hawa hannu na sauka. Ni ba na wuce 15 a gaɓoɓin jiki ga wanda ke tsaye lafiya. In ya gama gudu ne yana haki, zagayen ya koma firem 36 ko 40, to jinkirin ma ya ragu daidai da haka, firem ɗaya ɗaya ko biyu.

Akwai gwajin da nake so. Zaɓi ƙashin kai, `Pose` sannan `Motion Paths` sannan `Calculate`, ka kalla daga gefe, ka matso sosai. In sawun layi ne guda, ya je ya dawo ta kansa, har yanzu motsin a haɗe yake. In ya zama siririn ƙwai, hanyar zuwa dabam ta dawowa dabam, jinkirin ya kama. In ya yi faɗi kamar da'ira, ya yi yawa. Haka za ka yi wa tafin hannu.

Tunda ban ga karaktan naka ba, bari in ƙara wannan, domin namu na nan galibi cikin kaftani ko babbar riga ko hijabi suke. Tufafin yana ɓoye ƙirji, sai kafaɗa da kai su ɗauki numfashin duka. Ƙara wa kafaɗa kaɗan, zuwa santimita 1 da rabi, in kuma rigar tana da nata ƙasusuwan, bakin hannun riga ya makara da firem 4 bayan tafin hannu. Doguwar hula kuma tana ƙara girman juyin kai, don samanta ya fi nisa daga wuya, saboda haka rage na kai idan ya sa ta. Kuma ka yi hukunci daga kyamarar gem ɗin, ba daga kusa ba. Idan karakta mai santimita 175 ya fito da tsawon fiksel 300 a waya, santimita 1 bai kai fiksel 2 ba. A nan sai ka ninka girman motsin duka, amma lambobin jinkiri su zauna yadda suke.

Idan ya yi kyau amma maimaitawar tana bayyana bayan an daɗe ana kallo, mayar da zagayen firem 192, numfashi biyu, na biyun ya fi na farko zurfi kaɗan, ka ɗora masa sauyin nauyi daga ƙafa zuwa ƙafa sau ɗaya tak a kan `torso`, santimita 1 ko 2. Kada ka yi amfani da `Noise` don wannan, farkonsa da ƙarshensa ba sa haɗuwa, zai yi tsalle a mahaɗa.

Lokacin fitarwa zuwa Unity ko Godot, ka tuna kifirem ɗinka yanzu sun warwatse, wasu kafin 1, wasu bayan 97, kuma mai fitarwa zai iya ɗaukar wannan duka a matsayin tsawon motsin. Yi `Bake Action` daga 1 zuwa 97, ko zuwa 193 idan ka mayar da zagayen 192, a kan kwafi, ka ajiye na asali don gyara nan gaba, ko ka kunna `Manual Frame Range` ka rubuta iyakar da kanka. In ka gama, turo bidiyon daƙiƙa goma daga gefe da kuma hoton `Graph Editor` na kai da kafaɗa, in duba maka. Allah ya taimaka.