Baitoci ba sa zuwa tare da sautin waƙa

"Jama'a, wasu waƙoƙin in na kunna sai baitoci su fito suna bin mawaƙi layi-layi, wasu kuma ko alamar ba na gani. Wayata ce ta lalace ko akwai abin da ban kunna ba?"

Ɗan'uwa, da wuya in wayarka ce. Ni ma na taɓa goge manhaja na sake saukewa har sau biyu a kan wannan, na ƙone data a banza. Abin da na fahimta daga baya shi ne sautin waƙa da rubutaccen baitinta ba hanya ɗaya suke bi su iso wayarka ba. Sautin, kamfanin rarraba waƙoƙi ne ke tura shi. Baitocin kuwa sai wani mutum ya zauna ya rubuta, kuma haƙƙin mallakarsu daban yake da na sautin da aka naɗa, don sau da yawa marubucin waƙa ba shi ne mawaƙin ba. Spotify ma daga kamfanin tattara baitoci na Musixmatch take karɓar baitocinta, kuma sai a Nuwamban 2021 ta buɗe abin ga duniya baki ɗaya. In babu wanda ya rubuta, ko ba a ba da izini a ƙasar da kake ba, wurin zai zauna fayau. Shi ya sa sabuwar waƙa, da ta ƙaramin mawaƙi, da ta harshen da masu rubuta shi a can ba su da yawa, su ne suka fi rasawa.

Bayan rubutun akwai aiki na biyu, kuma shi ne mai cin rai: a liƙa wa kowane layi daƙiƙar da mawaƙi ya fara shi. In ka ga baitoci a tsaye cak ba sa motsi, an rubuta ne ba a yi wannan ba. In suna motsi amma suna gaba da murya ko suna bayanta, nan ne labarina ya shigo.

Akwai wata waƙa da nake son haddacewa. A kundin mawaƙin baitoci na tafiya daidai. Na koma wadda aka naɗa a wurin wasa, babu komai. Suna ɗaya, mawaƙi ɗaya, amma a wurin manhaja waƙoƙi biyu ne, kowacce da lambar shaidarta da ake kira ISRC, kuma baitocin na ta kundin ne kawai. Da yake ina da fayil ɗin ta wurin wasan a wayata, sai na samo baitocin a fayil na LRC, wanda rubutu ne zalla, lokaci a farkon kowane layi:

```
[00:12.50]Layin farko
[00:17.00]Layi na biyu
```

Na ba shi suna iri ɗaya da na waƙar, na ajiye su a wuri guda, manhajar da ke karanta LRC ta ɗauka. Sai dai layin farko ya haska a daƙiƙa 12, alhali mawaƙin yana ta gaisawa da jama'a, bai shiga ba sai a ta 30. Na ƙara daƙiƙa 18 a kowane layi, 00:12.50 ya koma 00:30.50. Ya zauna daram har amshi na biyu, inda ya maimaita shi sau uku saboda ihun mutane, komai ya sake wargajewa. Daga nan sai da na bi da kunne. Ka riƙe wannan: in tazarar iri ɗaya ce daga farko har ƙarshe, farawa ce ta bambanta, gyaran mai sauƙi ne. In tana ƙaruwa ko ta yi tsalle a tsakiya, naɗin ne daban.

Rera waƙa tare kuma wani sha'ani ne. Apple Music Sing, da ya fito a Disamban 2022, yana ba ka damar rage muryar mawaƙi ka bar kiɗan, amma ba kowace waƙa ba, kuma yana buƙatar iPhone 11 ko wadda ta fi ta sabunta. Ba ya share muryar gaba ɗaya, za ka ji ɓurɓushinta, ni kam na fi son haka don tana riƙe ni kada in kauce wa kari.

Don ka gane ina matsalar take, kunna wata shahararriyar waƙa. In baitocinta sun fito, wayarka lafiya lau, sai ka nemi taka ta cikin kundin asali. In na shahararriyar ma ba su fito ba, duba data, ka sabunta manhajar, sannan ka leƙa ko an toshe waƙoƙi masu kalaman batsa a saitin wayar, don hakan na iya ɓoye baitoci.