Yanke doguwar shaida ba tare da an murɗe ma'ana ba

"Na ɗauki bidiyon wata ɗalibarmu, minti 12, tana ba da shaida kan shagon koyon ɗinkinmu a Sabon Garin Zariya. Na rubuce shi kaf. Ya zan ciro 'yar gajeriyar magana ta fosta ban sauya nufinta ba?"

Malam, nemi wuri ɗaya inda ta faɗi abin da ya same ta, ba inda take ta "madalla" ba. A ce ta ce:

"To, e, gaskiya da farko na sha wahala, don kekunan ba su isa ba, amma wato bayan wata uku, ni da ban taɓa riƙe almakashi ba, na ɗinka wa ƙanwata kayan Sallah."

"To", "e", "gaskiya" da "wato" ƙaiƙayi ne, sheƙe su ba komai. Zancen kekuna in ka cire, sa ɗigo uku a gurbinsa:

"Da farko na sha wahala … amma bayan wata uku, ni da ban taɓa riƙe almakashi ba, na ɗinka wa ƙanwata kayan Sallah."

Inda ake ɓarna shi ne "bayan wata uku". Cire shi, sai mai karatu ya zaci daga zuwa ta ƙware, ita kuwa ba ta ce haka ba. Haka "sai dai", "a ganina" da "wani lokaci": ƙanana ne, amma su ke ɗaure maganar. Kuma ɗigo uku ba lasisin haɗa minti na 2 da na 9 ba ne. Amsoshin tambayoyi daban ne.

Koma bidiyon ka saurari wurin, don rubutu ba ya nuna gatse. Sannan tura mata yankakkiyar maganar, ta amince kafin a kai wajen bugu.