Shinkafa ce ta kamata ta yi ja a takardarka, ashana kuma kore

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ke riƙe wa maigidana lissafin shagon sari a kasuwar Singa, Kano. Kaya 60 ne a Excel: suna a A, kuɗin da muke sa ran samu a wata a B, wanda muka samu a C, jimla a layi na 62. Alhaji yana son ya gane kayan da ba ya tafiya da kallo ɗaya. Na sa Color Scales, sai jimla kaɗai ta yi kore, ashana da gishiri kullum ja, alhali suna fita sosai. Wani ya ce Office ɗina ne ya tsufa. In sayi sabo?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka sa Alhaji ya fitar da ko sisi. Duk abin da zan faɗa maka yana cikin Excel tun na 2007, kuma ko sabo fil ka saka, kalar da ka gani ita za ka sake gani.

Color Scales ba ya sanin buri. Aikinsa shi ne ya duba lambobin da ka zaɓa masa, ya ba mafi girma kore, mafi ƙanƙanta ja, na tsakiya ruwan ɗorawa. Tunda ka haɗa da layi na 62, jimla ta fi kowa girma, sai ta kwashe koren ita kaɗai. To amma ko ka cire jimlar, matsalar tana nan, domin yana gwada ashana da shinkafa ne. Kuɗin katan ɗin ashana ba zai taɓa kamo na buhun shinkafa ba ko da kullum ana wawasonsa. Color Scales yana da amfani idan lambobin iri ɗaya ne, kamar cinikin kaya guda a kwanaki 30 na wata. A takardarka kuwa, kowane kaya da burinsa ya kamata a auna shi.

Bari mu ɗauki kaya uku a matsayin misali. An sa wa shinkafa naira 2,000,000, ta kawo 1,500,000, wato kashi 75 cikin 100. An sa wa taliya 600,000, ta kawo 510,000, kashi 85. An sa wa ashana 40,000, ta kawo 46,000, kashi 115. Ka ga wadda ta fi kowa kuɗi ita ce ta fi kowa gazawa, har da giɓin rabin miliyan, kuma ita ce Alhaji ke buƙatar idonsa ya fara sauka a kanta.

Fara da goge tsohuwar kala: Home, Conditional Formatting, Clear Rules, Clear Rules from Entire Sheet. Sai ka zauna da Alhaji ku tsayar da iyaka. A ce duk kayan da bai kai kashi 80 na burinsa ba ya gaza. Rubuta 0.8 a gidan F1. Yanzu danna A2 ka ja zuwa C61, ka bar layin jimla a waje. Koma Conditional Formatting, New Rule, ka zaɓi Use a formula to determine which cells to format, ka rubuta:

```
=AND(ISNUMBER($C2),$C2<$F$1*$B2)
```

Danna Format, Fill, ka zaɓi ja mai haske wanda rubutu zai fito a kansa. Sai ka sake New Rule domin kore:

```
=AND(ISNUMBER($C2),$C2>=$B2)
```

Shinkafa za ta yi ja, domin kashi 80 na burinta 1,600,000 ne kuma ba ta kai ba. Ashana za ta yi kore. Taliya za ta zauna fara, kuma haka nake so ka bar ta. Mutane da yawa suna sa wa na tsakiya ruwan ɗorawa, ni ba na goyon baya. Idan kowane layi yana da kala, ido ba ya sanin inda zai tsaya, sai ka koma karanta lamba ɗaya bayan ɗaya kamar da.

Alamar $ ita ce inda aka fi yin tuntuɓe. A $C2 ta kulle harafin C ta saki lambar, don haka kowane layi yana duba nasa C, kuma sunan kayan ma yana ɗaukar kalar. A $F$1 an kulle duka biyun, domin gida ɗaya ne kowa ke kallo. Idan ka rubuta $C$2 da $B$2, layuka 60 duk za su bi halin kayan farko, ko su yi ja gaba ɗaya ko su zauna fari gaba ɗaya. Idan kuma ka zaɓa tun daga A1 amma fomula ta ce layi na 2, kalar za ta goce da layi guda, kayan sama ya ɗauki laifin na ƙasa da shi. Wannan ya fi haɗari domin takardar za ta yi kyau a ido. Hanyar kamawa ita ce ka ɗauki kaya biyu ka lissafa da kalkuleta, ka ga ko kalar ta yi daidai.

ISNUMBER kuwa na sa shi ne saboda abu biyu. Excel yana ɗaukar gidan da babu komai a matsayin sifili, sai kayan da ba ka riga ka shigar da cinikinsa ba ya yi ja. Na biyun ya fi muni. Idan yaron shago ya rubuta N46,000 da harafi a gaba, wannan ya zama rubutu, kuma a wurin Excel rubutu ya fi kowace lamba girma. Ba don ISNUMBER ba, da layin ya yi kore ko da cinikin naira ɗari ne, kuma SUM ba zai saka shi a jimla ba. Za ka gane irin wannan domin yana jingina hagu a gidansa, lamba ta gaskiya kuwa dama take jingina.

Akwai abin da za ka ci karo da shi ranar 7 ga wata: kusan komai ja, domin kana gwada cinikin mako guda da burin wata cikakke. Dalilin da ya sa na ajiye iyakar a F1 ke nan maimakon cusa ta cikin fomula. Ƙarshen makon farko ka sa 0.2, na biyu 0.4, na uku 0.6, ƙarshen wata 0.8. Lamba ɗaya za ka canza, takardar ta bi.

Idan kala ta ƙi fitowa sam, buɗe Manage Rules. Sau da yawa an manta alamar = ne, sai Excel ya rufe fomular cikin alamar zance ya mayar da ita rubutu. A nan kuma za ka ga Applies to, wanda ya kamata ya nuna =$A$2:$C$61. Ranar da ka ƙara sabon kaya, saka layinsa a tsakiyar jerin, sannan ka leƙa wurin ka tabbatar ya shiga. Kuma idan kana kwafo lambobi daga wata takarda, yi amfani da Paste Special, Values, in ba haka ba dokokin biyu za su farfashe su zama goma. Masu karatunmu na Maraɗi da Damagaram da Excel ɗinsu na Faransanci ne, su sa ET a wurin AND, ESTNUM a wurin ISNUMBER, su raba da alamar ; a maimakon waƙafi, iyakar kuma su rubuta ta 0,8.

Tambayi Alhaji ko a allo zai riƙa dubawa ko bugawa za ka yi masa. Idan firintar baƙi da fari ce, ja mai haske da kore mai haske duk toka-toka za su fito. A dokar ja, shiga Format, Font, ka zaɓi Bold, domin kayan da suka gaza su fito da kauri ko a takarda.