Kwateshan na taron kwana uku: a fara da ƙirga dare kafin a rubuta jimilla

"Salam 'yan uwa. Ban daɗe da fara aiki a sashen talla na otal ba. Wani kamfani ya nemi kwateshan na taron kwana uku, mutum 120, da ɗakuna da zaure da abinci da sauran tarkace. Ta ina zan fara?"

Wa'alaikumus salam ɗan uwa. Na daɗe a wannan aikin, kuma abin da ya fi ba ni wahala a farko shi ne kalmar nan "kwana uku". Kafin ka taɓa lissafi, ka kira su ka tambayi ranar isowa da ranar tafiya, da ko mutum nawa ne za su kwana a wurinku. Ba duk mahalarta ke kwana ba.

A ce taron Talata ne zuwa Alhamis, mutum 80 cikin 120 ɗin ne masu kwana. Manya 20 kowa da ɗakinsa, sauran 60 bibbiyu a ɗaki 30. Ɗaki 50 ke nan. Za su iso Litinin da yamma, don haka dare uku ne, Litinin, Talata, Laraba, 50 sau 3 ya ba ka 150. Idan kuma jirginsu sai Juma'a, lissafin ya koma 200. Ka ga tambaya ɗaya ta ƙara sulusin kuɗin ɗakuna. Masu shirya taron su ma sukan riga kowa zuwa da kwana ɗaya, ka ba su layinsu daban. Ni tebur nake zanawa, kowane dare da layinsa, kowane irin ɗaki da gurbinsa, don wanda zai sa hannu a kamfanin ya gani da idonsa.

Abinci ma haka, adadin yana canzawa daga safe zuwa dare. Karin kumallo da abincin dare na masu kwana ne, 80 sau 3, wato 240 kowanne. Abincin rana na kowa ne, 360. Hutun shayi biyu a rana zai zama 720, amma in ranar ƙarshe da rana za a tashi, biyar ne, 600. Ka duba ko karin kumallo yana cikin kuɗin ɗaki, kada ka caje shi sau biyu. Akantansu zai gano, daga nan kuma ba zai ƙara yarda da sauran lambobinka ba.

A nan na taɓa ƙonewa. Na rubuta wa wani kamfani "abincin rana na kimanin mutum 120". Kicin suka dafa na 120, mutum 95 suka zo, kamfanin ya ce na 95 zai biya. Da na koma takardar, babu abin da zan riƙe su da shi, ni na rubuta "kimanin". Tun daga ranar nake saka sharaɗi ƙarara: su ba da tabbataccen adadi awa 72 kafin taro, a biya wannan adadin ko na waɗanda suka ci, duk wanda ya fi yawa. Ka tambayi direbobi da tafintoci da masu ɗaukar hoto, domin ba sa cikin 120 ɗin amma za su ɗauki faranti. Ɗakuna ma na sa musu rana, galibi kwana 30 kafin taro, wadda bayan ta duk ɗakin da ba a aiko da suna ba ya koma kasuwa. Nakan bar musu damar rage kashi 10 cikin ɗari, abin da ya wuce haka su biya.

Zaure kuwa, kada ka amsa daga lambar da ke rubuce a takardar tallanku. Wannan lambar yawanci ta kujeru zalla ce a jere. Da an shigo da tebura da dandamali, zauren mutum 200 yana iya gaza 120. Ka tambayi irin zaman da suke so, ka rubuta awanni, ka ce ko za a bar kayansu cikin dare. Yammacin Litinin da za su shigo shirya wuri, zauren ba zai sayu ga wani ba, to ka caje shi ko ka rubuta cewa kyauta ne.

Majigi, makirfo, intanet, motar ɗauko baƙi, kowanne da layinsa da adadinsa, har wanda ba ka caja. A ƙasa ka faɗi ko haraji da kuɗin hidima suna ciki, nawa ne kafin alƙalami, da ranar da kwateshan ɗin zai daina aiki. Ni kwana 14 nake bayarwa, kuma nakan rubuta cewa ba a ajiye ɗaki ko zaure ba sai kuɗin farko sun shigo.